Fihirisa da Agogo: Shirin Jarrabawar da Ake Shiga da Littafi

A jarrabawar da ake barin ɗalibi ya shiga da littattafansa, amsa tana kan tebur tun daga minti na farko. Abin da babu shi ne lokacin nemanta. Masu tsara irin wannan jarrabawa sun san da haka, shi ya sa suke yawaita tambayoyi su kuma taƙaita sa'o'i, ta yadda wanda ya dogara da buɗe littafi a kowace tambaya ba zai kai ƙarshe ba. Saboda haka shirinta ya bambanta da shirin jarrabawar hadda. Kaso mai yawa na lokacin karatu yana tafiya ne wajen gina fihirisa, wato jerin kalmomi bisa tsarin haruffa, kowace kalma da lambar littafi da shafin da aka yi bayaninta, sannan a gwada ta da agogo a ga ko tana aiki.

Inda wannan sana'a ta fi bunƙasa shi ne jarrabawar GIAC, hukumar ba da takardun shaidar ƙwarewa a fannin tsaron kwamfuta, wadda cibiyar horarwa ta SANS da ke Amurka ta kafa a 1999. Ɗalibi yakan halarci kwas na kwana biyar ko shida, a ba shi littattafai kusan ɗaya ga kowace rana, ga kuma littafin aikin gwaji. Daga ranar da aka buɗe masa damar jarrabawa yana da kwana 120 ya zauna ta. Ana yin ta a kan kwamfuta ƙarƙashin mai sa ido, ko dai a cibiyoyin Pearson VUE ko kuma daga gida ta kyamara. Dokar abin da za a shiga da shi a fili take: takarda an yarda, littafi an yarda, rubutun hannu an yarda, gwargwadon abin da mutum zai iya runguma. Waya, intanet da duk wani fayil na kwamfuta an haramta. An kuma haramta duk takardar da ta yi kama da tambayoyin jarrabawa da amsoshinsu. Ma'ana babu maɓallin bincike da za a danna, sai yatsa da ido.

Lissafin lokaci

Daga lissafi ake farawa, domin shi ke faɗa wa ɗalibi irin fihirisar da yake bukata. Jarrabawar GSEC, wadda ta ƙunshi ginshiƙan tsaron kwamfuta, tana da tambayoyi 106 a cikin awa 4 a tsarinta na shekarun nan, kuma makin cinta ya ɗan haura kashi 70 cikin ɗari. Awa 4 minti 240 ke nan. Idan aka raba, kowace tambaya tana samun minti 2 da daƙiƙa 16 ko kusa da haka.

Amma rabon ba daidai yake ba. A cikin tambayoyin akwai na aiki, waɗanda ake kira CyberLive, inda ake buɗe wa ɗalibi wata kwamfutar gwaji a cikin allo, a ce ya buga umarni ya nemo amsa da kansa. A ɗauka guda goma ne, kowace ta ci minti 5. Minti 50 sun tafi. Saura minti 190 ga tambayoyi 96, wato ƙasa da minti 2 kowace. Karanta tambaya da zaɓuɓɓukanta a natse yana iya cin kusan rabin wannan, musamman ga wanda Turanci ba harshensa na farko ba ne.

Yanzu a ɗauka ɗalibi zai bukaci duba littafi a tambayoyi 40. In ba shi da fihirisa, yana tuna cewa abin "yana wajen tsakiyar littafi na uku, ko na huɗu", kowane nema zai iya cin minti 5. Arba'in sau biyar minti 200 ne, ya zarce dukkan lokacin da ya rage masa tun bai taɓa sauran tambayoyi 56 ba. In kuwa yana da fihirisar da ke kai shi shafi cikin minti ɗaya, ya karanta abin da ke wurin cikin rabin minti, tambayoyin nan 40 sun ci minti 60 kacal. Bambancin mutanen biyu ba a ilimi yake ba. Littafi ɗaya suka karanta, abu ɗaya suka manta.

Lissafin yana kuma nuna iyakar fihirisa. Ko ta fi kowace kyau, ba za ta ɗauki tambayoyi 96 ba, domin minti ɗaya da rabi sau 96 ya kai minti 144, kuma in aka ƙara lokacin karanta tambayoyin an haura 190. Dole kaso mai yawa na tambayoyin ya fito daga ka. Binciken da Pooja Agarwal da Henry Roediger suka wallafa a 2011 ya nuna cewa ɗaliban da aka gaya wa za su shiga da littafi sun rage lokacin karatu, kuma da aka gwada su daga baya babu littafi sun gaza waɗanda suka yi shirin jarrabawar hadda. Jin cewa littafi yana nan yana kwantar da hankali fiye da kima.

Abin da ke shiga ka da abin da ke shiga takarda

Tun a karatun farko ɗalibi ke raba abin da ya karanta gida biyu. Gida na farko shi ne fahimta: yadda kwamfuta biyu ke ƙulla magana, dalilin da ya sa wani nau'in ɓoye saƙo ke amfani da mabuɗi ɗaya wani kuma biyu, bambancin na'urar da ke gano kutse da wadda ke tare shi. Irin waɗannan ba a koyonsu a ɗakin jarrabawa. Wanda ya buɗe shafi a minti na 130 yana neman ya fahimci yadda mabuɗin jama'a ke aiki ya riga ya makara, domin bayanin shafi uku ne kuma sai an natsu.

Gida na biyu shi ne ƙananan bayanai masu saurin rikicewa: lambobi, sunayen manhajoji, haruffan da ake liƙa wa umarni, jerin matakai da wanda ke gaba da wani. Waɗannan su ne abincin fihirisa. Babu ribar haddace cewa `4720` ita ce lambar da Windows ke rubutawa idan an ƙirƙiri sabon asusun mai amfani, matuƙar ana iya ganinta cikin daƙiƙa goma. Akwai dai 'yan kaɗan da ke yawan maimaituwa har haddarsu ta fi dubansu arha, kamar cewa ƙofa ta 22 ta SSH ce, 53 ta DNS, 443 ta HTTPS. Waɗannan sukan zauna a ka da kansu.

Yadda ake gina ta

Ana buɗe manhajar jadawali, Excel ko makamanciyarta, a yi gida huɗu a kowane layi: kalma, lambar littafi, lambar shafi, da gajeren bayani. Sai a ɗauki littafi na farko a bi shi shafi bayan shafi. A kowane shafi tambaya ɗaya ake yi: in an yi tambaya daga nan, da wace kalma za a nemo shi? Wannan kalmar ce ke shiga gidan farko.

Masu gogewa sukan fara karanta babi gaba ɗaya ba tare da rubuta komai ba, sai a zagaye na biyu su shigar da kalmomi. Dalilin shi ne a karon farko mutum bai san inda aka fi zurfafa bayanin abu ba. Sunan manhaja kamar `nmap` yana iya fitowa a shafi ashirin cikin littattafai uku, amma shafi biyu ko uku ne kawai suka yi bayaninta, sauran ambato ne a wucewa. Fihirisar da ta jera shafuka ashirin a gaban kalma ɗaya ba ta taimaki kowa ba. Wannan ne ma aibin fihirisar da ake sa kwamfuta ta haɗa daga dukkan kalmomin littafi: tana ganin kowane ambato daidai da ɗan'uwansa. Ɗalibin ilimi da ya taɓa amfani da Mu'ujamul Mufahras na Muhammad Fu'ad Abdul Baƙi, wanda ya jera kowace kalmar Alƙur'ani da duk wuraren da ta zo, ya san darajar irin wannan cikar. Amma wancan aiki ne na mai bincike da ke da yini a gabansa. Mai jarrabawa minti ɗaya gare shi, don haka fihirisarsa dole ta yi zaɓi: babban shafi a gaba da harafi mai kauri, na biyu a bayansa in akwai bukata, sauran a bar su.

Gidan bayani shi ne inda ake cin riba mafi yawa, kuma shi ne inda ake yawan wuce gona da iri. Idan bayanin ya isa ya amsa tambaya, ba sai an buɗe littafi ba, an tsira da minti guda. Amma idan ɗalibi ya shiga kwafe sakin layi sukutum, fihirisa ta zama littafi na bakwai, ido kuma ba ya iya gudu a kanta. Ma'aunin da ya fi dacewa shi ne layi ɗaya. Abin da ya ƙi shiga layi ɗaya, shafin littafi ne wurinsa.

Ga mai jin Hausa akwai wani rabo da ke da amfani a nan. Kalmar gidan farko dole ta kasance da harshen jarrabawa, harafi da harafi kamar yadda za ta fito a allo, domin da ita za a nema. Gidan bayani kuwa na mai shi ne, yana iya rubuta shi da Hausa, kuma sau da yawa hakan ya fi, tunda mayar da bayani cikin harshen da mutum ke tunani da shi yana tona ko ya gane ko bai gane ba.

Akwai tarkuna biyu a cikin manhajar kanta. Mai son taƙaitawa yakan haɗa littafi da shafi a gida ɗaya, ya rubuta `3.10` yana nufin littafi na uku shafi na goma. Excel tana ɗaukar wannan a matsayin lamba mai ɗigo ta mayar da shi `3.1`, shafi na goma ya koma na ɗaya ba tare da wani gargaɗi ba. In ya rubuta `3-10` kuma sai ta ɗauka kwanan wata ne. Maganin shi ne raba su gida biyu. Tarko na biyu shi ne duk abin da ya fara da alamar ragi, kamar `-sS`, manhajar tana ɗaukarsa lissafi ne ta nuna kuskure. Gara a rubuta `nmap -sS`, wanda ya fi ma amfani, domin idan an jera bisa haruffa duk zaɓuɓɓukan `nmap` za su taru wuri ɗaya.

Girman fihirisa yana bin girman littattafai. A ɗauka littafi shida ne masu shafi 200 kowanne, shafi 1,200 ke nan. In kowane shafi ya ba da layi ɗaya ko biyu, za a sami layi 1,500 zuwa 2,000, wanda a bugu na layi 50 a shafi zai ba da shafi 30 zuwa 40. Wadda ta gaza haka sosai akwai ramuka a cikinta. Wadda ta ninka haka, neman kalma a cikinta ya fara zama aiki na daban.

Abu ɗaya, ƙofa da yawa

Mafi yawan fihirisar da ke cin amanar mai ita a ranar jarrabawa ba rashin bayani ke damunta ba. Bayanin yana ciki, amma an ajiye shi ƙarƙashin kalmar da tambaya ba ta yi amfani da ita ba. Ɗalibi yakan kwafi kan shafi kamar yadda marubucin littafi ya sa shi, alhali mai tambaya daga wani ɓangare yake shigowa.

Misali zai fayyace wannan. Tambayar ƙirƙirarriya ce don bayani, lambobin shafi ma haka, amma lambobin Windows na gaskiya ne. An nuna wa ɗalibi wani yanki na rajistar tsaro ta wata kwamfuta: lamba `4625` ta fito sau ɗaruruwa cikin 'yan mintoci, duk a kan asusu ɗaya kuma daga adireshi ɗaya, sai `4624` ta biyo baya sau ɗaya tare da `Logon Type 10`. An tambaye shi me ya faru, an ba shi zaɓi huɗu. Biyu daga ciki a fili ba su ba ne. Biyun da suka rage su ne `brute force` da `password spraying`, kuma kowanne an haɗa shi da hanyar da maharin ya shigo.

Ɗalibin da ya kwafi kan shafi kawai yana da layi ɗaya, `Windows security auditing`, ƙarƙashin harafin W. Tambayar ba ta ambaci ko ɗaya daga kalmomin nan uku ba. Zai duba ƙarƙashin lambobi bai ga komai ba, ya duba L bai ga komai ba, sannan ya koma tunanin wane littafi ne ya yi maganar Windows. Minti uku sun wuce kafin ya sami shafin.

Wanda ya yi tunanin yadda za a tambaya, ga abin da ke cikin tasa:

```
4624              | 5 | 142 | shiga ta yi nasara
4625              | 5 | 142 | shiga ta gaza
brute force       | 2 | 61  | asusu 1, kalmomin sirri da yawa
failed logon      | 5 | 142 | 4625
Logon Type 10     | 5 | 144 | daga nesa, RDP, 3389
password spraying | 2 | 63  | kalmar sirri 1, asusu da yawa
```

Lambobi suna shafin farko na fihirisarsa, don haka cikin daƙiƙa kaɗan ya ga cewa an yi ta gwada shiga ana gazawa sannan aka dace. Ya juya zuwa L ya ga nau'i na 10 shiga ce daga nesa ta RDP. Tunda asusu ɗaya aka yi ta bugu, `brute force` ne. Da a ce rajistar ta nuna gazawa ɗaya ko biyu a kan kowane asusu cikin asusu masu yawa, da amsar ta koma ɗayan. Bai buɗe littafi ko ɗaya ba.

Abin lura a jadawalin shi ne shafi na 142 ya shigo sau uku, ta lamba biyu da kuma ta suna. Haka ya kamata duk wani abu mai muhimmanci ya kasance. Gajeren suna da cikakkensa kowanne da layinsa. Manhaja tana shiga da sunanta, tana kuma shiga da aikin da take yi, domin wata tambayar za ta ce wace manhaja ce ke karanta zirga-zirgar sadarwa daga fayil, ba tare da ta ambaci `tcpdump` ba. Sannan ba a rubuta "duba kalma kaza" kamar yadda ake yi a fihirisar littafin da aka wallafa. Mawallafi yana tattalin takarda ne, mai jarrabawa kuwa daƙiƙa yake tattali, don haka ana maimaita lambar shafin a kowane layi.

Layukan `brute force` da `password spraying` suna nuna wani amfani na gidan bayani. Masu tsara tambayoyin zaɓi suna son abubuwa biyu masu kama da juna, domin a nan ake gane wanda ya karanta da wanda ya leƙa. Duk inda ɗalibi ya ci karo da irin waɗannan tagwaye a karatu, bayanin kowanne ya kamata ya faɗi abin da ya raba shi da ɗan'uwansa, ba ma'anarsa gaba ɗaya ba.

Daga fihirisa zuwa shafi

Samun lamba rabin tafiya ne. Saura a ɗauko littafin da ya dace daga cikin shida masu bango iri ɗaya, a kan tebur da kibod da allo suka riga suka cinye rabinsa. Hanyar da ta yaɗu tsakanin masu wannan jarrabawa, wadda ƙwararriyar tsaron kwamfuta Lesley Carhart ta bayyana a wani rubutunta na 2015, ita ce amfani da launi. Kowane littafi a ba shi launinsa, a manna masa alama a bango, sannan a shafa wa gidan lambar littafi a fihirisa wannan launin. Ido yana gane ja kafin ya karanta lamba biyar. A cikin littafin kuma ana manna 'yan takardu masu gam a gefen shafi a farkon kowane babi. Yawansu yana da iyaka: littafin da aka manna wa sittin, suna hawa kan juna, ya fi wanda babu ko ɗaya wahalar buɗewa.

Ita kanta fihirisar ana buga ta da haruffan da ido zai gani ba tare da sunkuyawa ba, kowane harafi ya fara a sabon wuri da alamarsa a gefe, a kai ta shagon kwafi a ɗinke ta da zoben roba don ta kwanta a buɗe. Takardu a warwatse sukan zube, kuma mai sa ido ba zai tsayar da agogo ba.

Tambayoyin aiki suna bukatar takarda dabam, shafi biyu ko uku, inda aka jera umarni bisa aikin da suke yi, kowanne a cikakkiyar siffar da aka gwada ta yi aiki:

```
tcpdump -nn -r capture.pcap 'tcp port 443'
```

A gefensa a rubuta cewa `-r` karantawa ce daga fayil, `-nn` kuma tana hana mayar da lambobi zuwa sunaye. Wannan takarda tana tuna wa hannu abin da ya taɓa yi ne kawai. Wanda bai yi ayyukan gwajin kwas ɗin da kansa ba, ko sau biyu, zai ga umarnin a takarda amma ya kasa karanta abin da allo ya mayar masa.

Gwaji da gyara

Fihirisar da ba a gwada ba zato ce. GIAC tana da jarrabawar gwaji mai kama da ta gaske a tsawo da tsari, kuma da yawa sukan tanadi guda biyu. Ta farko ana yin ta ne bayan an gama fihirisa, a zaune ɗaya, da agogo, da littattafai a kan tebur kamar ranar gaske, waya a wani ɗaki. A gefe ana ajiye farar takarda, duk lokacin da nema ya gaza a rubuta kalmar da aka nema, ba tambayar ba.

Gazawar iri uku ce, kuma kowace da maganinta. Wani lokaci kalmar ba ta cikin fihirisa sam: sai a ƙara ta. Wani lokaci tana ciki ƙarƙashin wani suna, aka gano ta bayan an sha wahala: sai a buɗe mata sabon layi da sunan da aka fara nema da shi, domin da shi za a sake nema. Iri na uku shi ne wanda ya fi muhimmanci a gane: an sami kalmar, an buɗe shafin, an karanta, amma har yanzu ba a san amsa ba. Wannan ba laifin fihirisa ba ne, kuma ƙara mata layi ɗari ba zai gyara shi ba. Babin ne ba a fahimta ba, sai an koma an karanta shi. Rahoton da ake bayarwa a ƙarshen gwajin yana nuna ƙarfin ɗalibi fanni-fanni, kuma yawanci fannin da ya fi rauni shi ne inda gazawa iri na uku ta taru.

Agogo ma yana magana. Wanda ya gama da saura minti 50 amma makinsa ya tsaya a bakin iyaka yana amsawa da ka a inda ya kamata ya duba. Wanda lokaci ya ƙare masa alhali yawancin abin da ya amsa daidai ne, yana duba abin da ya riga ya sani don neman kwanciyar hankali. Na biyun ya fi yawa a cikin masu himma, kuma maganinsa doka ce da mutum zai kafa wa kansa: in amsa ta zo da tabbaci tun kafin a karanta zaɓuɓɓuka, a danna a wuce. A wannan jarrabawa tambayar da aka amsa ba a komawa kanta, amma an yarda a tsallake wasu 'yan kaɗan su dawo a ƙarshe. Wannan dama ta tambayar da nemanta ya haura minti biyu ce.

Bayan gyara sai a sake bugawa, a yi gwaji na biyu kamar mako guda kafin ranar gaske. Daga nan ba a sake fasalin fihirisa. Ƙari kaɗan ana iya yi da biro a gefe, amma sauya tsarin shafuka a daren jarrabawa yana ɓata sabon da hannu ya yi da inda kowane harafi yake.

Wannan sabo shi ne dalilin da ya sa aron fihirisar wani ba ya biyan bukata. Dalili na zahiri shi ne SANS tana sabunta littattafanta a kai a kai, shafuka suna matsawa, don haka fihirisar bara tana iya kai mutum shafin da ke maganar wani abu dabam. Ana gane haka cikin sauƙi ta ɗaukar layi goma daga wurare daban-daban a duba su. Amma ko lambobin sun dace, kalmomin da ke cikinta na kan wani ne. Kuma makonnin da ake yi ana tambayar kowane shafi da wace kalma za a nemo shi su ne karatun kansa. Da yawa daga cikin waɗanda suka gina tasu sukan tarar a ranar jarrabawa sun san amsar tun yatsa bai kai layin ba.

Inda doka ta bambanta

Duk abin da ya gabata ya rataya ne a kan dokar GIAC da ta yarda mutum ya shigo da takardunsa. Ba kowace jarrabawar buɗe littafi ce ta yarda da haka ba, don haka takardar dokoki ita ce abin da ake fara karantawa kafin a sayi ko da takarda mai gam. Wasu sun yarda da littafi amma sun hana rubutu a cikinsa, sai alama da ja layi. A nan aikin fihirisa yana komawa kan alamun gefe da kuma sanin jerin babi-babi da ka. Jarrabawar FE ta injiniyoyi a Amurka, wadda hukumar NCEES ke gudanarwa, ta hana shigowa da kowane littafi. Tana ba da nata littafin ƙa'idoji da lissafi a kan allo, wanda ake iya bincikawa ta buga kalma, kuma ana iya samun kwafinsa tun kafin ranar jarrabawa. Mai shirin wannan yana warware kowace tambayar gwaji da wannan littafin a buɗe a allo, yana lura da kalmar da ke kai shi ga lissafin da yake so kai tsaye da wadda ke fito masa da wurare talatin, har ya san irin sunan da littafin ke kiran kowane abu da kuma sashen da yake.